Haruffan Rana da Haruffan Wata: Yadda Za Ka San Inda Ake Furta Lam da Inda Ake Haɗiye Shi

Duk wanda ya taɓa cewa "Assalamu alaikum" ya riga ya yi aiki da wannan ƙa'ida, ko bai taɓa jin sunanta ba. A rubutun Larabci kalmar farko ta sallama tana da alif, sai lam, sannan sin (السلام). Da za a bi rubutun harafi bayan harafi, da "alsalamu" za a ce, amma ba wanda ke faɗin haka. Lam ɗin yana nan a takarda, a baki kuwa ya ɓace, sin ya cinye shi ya zama biyu. Sai ga "Alhamdu lillahi" kuma, wanda shi ma da alif da lam ya fara, amma kowa yana jin lam ɗinsa sarai. Abin da ke raba waɗannan biyu shi ne harafin da ya biyo bayan lam, kuma shi kaɗai ake kallo.

Wannan alif da lam da ake liƙa wa suna a Larabci aikinsu su nuna cewa abin sananne ne. Kitabun littafi ne kowane iri, alkitabu kuwa littafin da ni da kai muka sani, kamar yadda Bahaushe ke bambanta "littafi" da "littafin". Malaman nahawu na kiransa lamut-ta'arif. Galibi rubutunsa ba ya canzawa, furucinsa ne ke rabuwa gida biyu. Baƙaƙen Larabci 28 ne, an raba su daidai: 14 ana bayyana lam a gabansu, 14 kuma ana narkar da shi a cikinsu. An ɗauki kalma ɗaya daga kowane ɓangare ta zama misali, alƙamar (wata) da ash-shams (rana), sai sunan ya bi su. Babu wata alaƙa tsakanin haruffan da rana ko wata illa wannan. Su biyun sun zo a jere a aya ta 5 ta Suratur Rahman: "Ash-shamsu wal-ƙamaru bihusban." Wanda ya riƙe wannan ayar ya riƙe misalan biyu a numfashi ɗaya.

Mataki na farko: fara da abin da bakinka ya riga ya iya

Kafin in sa ɗalibi ya haddace komai, nakan sa shi ya lissafo kalmomin Hausa masu farawa da "al". Ba a daɗewa ake cika allo: alƙali, alƙalami, albasa, albarka, alhaji, alheri, aljanna, aljihu, alkama, almakashi, alfijir, alwala, al'ada. Dukansu aro ne daga Larabci, kuma kakanninmu sun ɗauko su ne tare da alif da lam ɗinsu. Sai in ce to, ya kawo masu farawa da "a" da baƙi mai nauyi a bayansa: annabi, addini, addu'a, attajiri, annuri, annoba. Waɗannan ma da alif da lam suka shigo, sai dai Hausawa da kunne suka are su, sun kuma ji su ne bayan lam ya narke. Wasu ma nauyin ya sassauta da tafiyar zamani, aka samu asuba, azahar da asiri. A cikin kwanakin mako ma ga su nan kusa da juna: Alhamis da lam a fili, Asabar ba lam.

Yanzu dubi baƙin da ke bin "al" a rukuni na farko: ƙ, b, h, j, k, m, f, w. Dubi na rukuni na biyu: n, d, t, s, z. Ashe kusan rabin darasin yana bakinka tun kana yaro. In kokwanto ya kama ka a kan wani harafi, nemo kalmar Hausa mai shi. Nun na rana ne ko na wata? Annabi ya ba ka amsa. Jim fa? Aljanna.

Mataki na biyu: gane dalilin, da harshenka

Ka furta "lll" ka tsaya, ka lura da inda kan harshenka yake. Yana manne da dasashi, bayan haƙoran sama na gaba. Yanzu furta "t", "d", "n", "r", "s". Kan harshen bai yi nisa da wurin ba. Shi ke nan dalilin. Idan lam mai ɗauri ya haɗu da baƙin da mafitarsa ke kusa da tasa, harshe zai taɓa wuri guda sau biyu a jere, kuma wannan kalma ce da Balarabe ke maimaitawa ba adadi a zance, sai aka sauƙaƙa aka haɗe su. Amma "b", "m", "f" da "w" daga leɓe suke fitowa, kaf da ƙaf daga can gindin harshe, su ain da ha kuma daga maƙogwaro. Tsakaninsu da lam akwai tazara, don haka kowa ya tsaya a wurinsa.

Haruffan rana su ne: ت ث د ذ ر ز س ش ص ض ط ظ ل ن

Haruffan wata su ne: ء ب ج ح خ ع غ ف ق ك م ه و ي

Wannan gwaji na kan harshe yana aiki a kusan ko'ina, amma akwai wurin da yake yaudara, kuma gara ka san shi tun yanzu. Jim, shin da ya, a wurin malaman tajwidi, duk daga tsakiyar harshe suke fitowa. Duk da haka shin na rana ne, jim da ya na wata. Sibawaihi, babban malamin nahawu na Basra a ƙarni na 2 na Hijira, ya yi bayanin cewa baƙaƙe 11 na kan harshe ne, sai shin da lodi (ض) da aka haɗa da su saboda sautinsu yana bazuwa har ya kai ga yankin kan harshe. Sun zama 13, lam kansa ya cike na 14. Jim bai samu shiga ba. Shi ne harafin da aka fi tuntuɓe a kansa, domin yadda muke furta shi yau yana kama da na kan harshe, sai ka ji mai koyo ya ce "ajjannatu". A Larabcin kasuwa na wasu ƙasashe ana jin irin wannan, mutanen Alƙahira ma sukan narkar da lam har a cikin kaf, amma a karatun Alƙur'ani da daidaitaccen Larabci aljannatu ne, aljumu'atu, aljibalu.

Game da hadda, ba sai ka wahala da jerin biyu ba. Haddace ɗaya, duk abin da ba ya ciki na ɗayan ne. Na wata ya fi sauƙi, domin an tara shi a jimla guda da ɗaliban Tuhfatul Aɗfal ta Shehu Sulaiman Aljamzuri suka sani: ابغ حجك وخف عقيمه, wato "Ibgi hajjaka wa khaf aƙimahu". Ƙirga baƙaƙenta za ka samu 14 cif. Akwai baiti na haruffan rana a wannan manzumar, inda ake ɗaukar baƙin farko na kowace kalma, amma a ganina jimlar nan ta wadatar.

Mataki na uku: karanta alamar da ke cikin Mus'hafi

In rubutu yana da wasulla, an riga an yi maka aikin. Dubi lam. In akwai ɗauri a kansa, furta shi: الْقَمَر. In lam tsirara yake ba komai a kansa, kuma baƙin da ke binsa yana ɗauke da shadda, to tsallake lam ka nauyaya baƙin: الشَّمْس. Na farko ana kiransa izhari ƙamari, na biyu idgami shamsi. A bugun Madina ɗaurin yana kama da ɗan ƙaramin kan harafin ha, a Alƙur'anin Warash da aka saba da shi a tsangaya kuwa ɗan da'ira ne.

Abu biyu ke faruwa a harafin rana, amma masu koyo sukan yi ɗaya su manta ɗaya. Suna jefar da lam, ba sa nauyaya baƙin, sai ka ji "asama'u" maimakon "assama'u". Lam bai tafi a banza ba, ya rikiɗe ne ya zama irin baƙin da ke gabansa, saboda haka lokacin da zai ci a baki yana nan. Bahaushe bai kamata ya sha wahala a nan ba, tunda ya san bambancin "dama" da "damma" a furuci, ya san "kulle" ba "kule" ba ne. In baƙin nun ne, akwai ƙarin aiki: nun mai shadda yana da gunna, ana riƙe sautin a hanci gwargwadon haraka biyu. Don haka "annasu" da "annaru" sun fi "attinu" jinkiri a baki.

Kada shadda ta ko'ina ta ruɗe ka. A Suratun Nasi akwai "alkhannas". Nun ɗinsa yana da shadda, amma ba shi ke bin lam ba, kha ne, kuma kha na wata ne. Baƙin da ke manne da lam kawai ake tambaya.

Mataki na huɗu: alif ɗin ma yana da nasa hali

Yawancin kura-kuran da nake ji a aji ba daga lam suke zuwa ba, daga alif ne. Wannan alif hamzatul wasli ne, tsani ne kawai da ake takawa don a fara magana, tunda Larabci ba ya farawa da baƙi mai ɗauri. In ka fara da kalmar, ka furta shi da fataha: alkitabu, arrahmanu. In akwai wata kalma a gabansa kuma ka sadar, sai ya faɗi gaba ɗaya, wasalin ƙarshe na kalmar baya ya zarce kai tsaye zuwa lam, ko zuwa baƙin mai shadda. Wa da alƙamar sun zama walƙamar. Wa da ash-shams sun zama wash-shams. A nan alif da lam duka biyu suna rubuce, ba ko ɗaya da ake furtawa.

In kalmar baya ta ƙare da dogon wasali, sai a gajarta shi. Fi mai ja ne, amma fil-ardi da fis-sama'i ba a jan su. In ta ƙare da ɗauri, sai a ba ta wasali don kada masu ɗauri biyu su haɗu. Galibi kisira ce, kamar "ƙumil-laila" a aya ta 2 ta Suratul Muzzammil, amma min tana ɗaukar fataha: "minal-jinnati wan-nas". Sai kuma li mai ma'anar "don" ko "na", wadda ke korar alif har daga rubutu, lam biyu su haɗu: للمتقين ana karanta shi lilmuttaƙina, للناس kuwa linnasi. Lam na farko na li ne, kullum ana furta shi. Na biyu shi ne namu, kuma ƙa'idar rana da wata tana kansa yadda take.

A gwada a kan Fatiha

Mu bi surar da kowa ke karantawa a kowace raka'a. In aka ajiye sunan Allah da "allazina" gefe, tare da Bisimilla akwai wurare 11 da alif da lam suka zo: 7 na rana, 4 na wata.

A Bisimilla, sunan Allah ya ƙare da kisira, sai Arrahman ya biyo. Alif ya faɗi saboda sadarwa, lam ya narke saboda ra na rana ne, sai kisirar ta faɗa kan ra mai shadda: "lahir-rahmanir-rahim". "Alhamdu" farkon magana ne, alif ya samu fataha, ha na wata ne, lam ya fito. "Rabbil-alamin": ba mai kisira ya zarce zuwa lam mai ɗauri, sannan ain. A nan ka kula kada lam ya samu wasali ya zama "rabbili", kuma kada ka yi dogon tsayi a kansa. Ka taɓa shi ka wuce. "Yaumid-din": dal na rana ne, mim ya faɗa kansa kai tsaye.

"Ihdinas-siraɗal-mustaƙim" ta tara komai a wuri guda. Ihdina tana ƙarewa da alif mai ja, sai alif da lam na assiraɗ. Alif na ja ya gajarce, alif na wasli ya faɗi, lam ya narke cikin sad. Haruffa uku a jere a rubuce, baki bai taɓa ko ɗaya ba, daga nun sai sad mai shadda. Kalma ɗaya bayan haka, lam na almustaƙim ya fito fili domin mim na wata ne. "Gairil-magdubi" ma haka, mim ne.

Ta ƙarshe ita ce mai ruɗarwa: ولا الضالين. Mai sauraro yana jin lam a "walad-dallin", sai ya zaci lam na ta'arifi ne aka bayyana. Ba shi ba ne. Wanda ake ji na "la" ne mai ma'anar "ba". Namu ya narke cikin ض, wanda na rana ne. Abin ya ƙara cakuɗewa a wurinmu saboda tsohon furucin tsangaya yana mai da ض kamar lam, shi ya sa ma ake kiransa lodi, kuma daga nan muka samu alƙali, alwala da Ramalan. Wanda ya tashi da "walal-lallina" ba zai iya jin inda wani lam ya ƙare wani ya fara ba sai ya koma ga rubutun ya nuna kowanne da yatsa.

Lam ɗin da ba namu ba

Ba duk alif da lam a farkon kalma ne na ta'arifi ba, kuma wanda ya ƙware a ƙa'idar da sauri shi ya fi faɗawa wannan rami. A aya ta 22 ta Suratur Rum akwai ألسنتكم, harsunanku. Ga alif, ga lam, ga sin, ɗalibi sai ya yi wuf ya ce "assinatikum". Kuskure ne. Lam ɗin na jikin kalmar ne, jam'in lisan, don haka alsinatikum ne. Haka التقى a "yaumal-taƙal-jam'an": ta na rana ne, amma kalmar aikatau ce, iltaƙa, lam ɗinta ba ya narkewa. Irinta ce "faltaƙamahul-hutu" a ƙissar Annabi Yunusa, aya ta 142 ta Suratus Saffat.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Cire alif da lam ka gani ko suna mai ma'anar da ake nufi ya rage. Cire su daga ash-shams, shams ya rage, rana ce har yanzu. Cire su daga iltaƙa, kalmar ta rushe. Sannan dubi alif: in yana ɗauke da hamza a rubuce (أ), ba na wasli ba ne, ba ya faɗuwa. Kuma a Mus'hafi lam ɗin waɗannan kalmomi yana da ɗaurinsa, baƙin gaba ba shadda. Gwada sadar da Bisimilla da farkon surori biyu maƙwabta ka ji bambancin. Da Alƙari'a za ka ce "rahimil-ƙari'atu", alif ya faɗi. Da Takasur kuwa "rahimi alhakumut-takasur" ne, domin alhakum aikatau ne mai tabbatacciyar hamza.

In lam ya haɗu da lam, ƙa'idar rana ce: allailu, allisanu, allauhu, wanda shi ne allonmu na makaranta. Abin lura kawai shi ne rubutun Mus'hafi yana rubuta allail da lam guda mai shadda, alhali a littattafai da jaridu lam biyu ne. Kaurin lam na sunan Allah bayan fataha ko rufu'a, da siririntarsa bayan kisira, wani babi ne dabam, kada a gwama su.

Masu karatun Warash suna da ƙarin abu guda. In suna ya fara da hamza, Hafs yana barin lam da ɗaurinsa ya furta hamzar: al-ardu, al-insanu, al-akhiratu. Warash yana ɗauke wasalin hamzar ya ɗora wa lam, hamzar ta tafi: alardu, alinsanu, alakhiratu. Sunan wannan naƙali. Hamza tana nan a cikin haruffan wata a ruwayoyin biyu, lam bai narke ba, wasali ya samu. Yaron da ke zuwa allo da safe da Islamiyya da yamma yakan gauraya su, kuma bai kamata a ce masa ɗaya kuskure ne ba, a dai nuna masa kowanne da ruwayarsa.

Inda babu wasali, da kuma sunayenmu

Jarida, littafin fiƙihu da allon kan titi a Makka ba sa sa ɗauri ko shadda. A nan ne haddar da ka yi za ta yi maka rana. Hanyar da na ga tana aiki ita ce a ɗauki shafi guda na Juzu'u Amma, a kwafe duk kalma mai alif da lam a takarda ba tare da wasali ba, a bar ta kwana ɗaya, sannan a karanta da ƙarfi ana sa wa kowace alamarta, a koma Mus'hafi a duba. Suratut Takwir da Suratun Nazi'at suna cike da su. In ka yi kuskure, duba wane iri ne: ka bayyana lam a gaban na rana, ka narkar da shi a gaban jim, ko ka jefar da shi ba ka nauyaya ba. Kowa yana da wanda ya fi damunsa, kuma da wuya ya wuce baƙaƙe biyu ko uku. Su za ka yi ta maimaitawa a gaban malami, domin kunnenka ba ya kama kuskuren bakinka yadda na wani zai kama.

Sai sunaye. Abdu ana jingina shi ga sunan Allah mai alif da lam, don haka ƙa'idar tana aiki a kansu. Abdulƙadir, Abdulmalik, Abdul'aziz, Abdulkarim, Abdulhamid da Abdulwahab duk lam ɗinsu a fili yake. Amma Abdurrahman ne, Abdurrazaƙ, Abdurrashid, Abdussalam, Abdussamad, haka kuma Nuruddin da Shamsuddin saboda dal na din. Rubutun "Abdulrahman" da "Abdulsalam" da ya cika takardun makaranta da katin shaida ya bi harafin Larabci ne ɗaya bayan ɗaya, bai bi furuci ba. Ban ce kowa ya je ya canza takardunsa ba, sunan da ke kan fasfo a bar shi yadda yake don kada a jawo wa kai wahala a filin jirgi. Amma a ranar suna, in liman zai raɗa wa jariri, Abdurrahman zai ce, da ra mai nauyi, ba lam a tsakani.